Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Yadda Ake Tsara Rumbun Waƙoƙi a Kwamfuta

Wata ranar Asabar ina zaune a shagon ƙanina mai tura waƙoƙi a wata kasuwar waya a Kano, sai ga wani dattijo ya shigo da katin mamori a naɗe cikin takarda. Bayan sun gaisa ya ce, “Yaro, waƙar Ɗanƙwairo nake so, wadda nake ji a rediyo tun ina saurayi.” Ya faɗi sunanta, har ya ɗan rera amshinta. Ƙanina ya ce, “Akwai ta, Baba, zauna.” Ya buga sunan a kwamfuta, babu. Ya cire ƙugiyar ɗ da ƙ ya sake bugawa, fayil takwas suka fito, shida daga ciki waƙa ɗaya ce, kuma ba ita ake nema ba. Ya raba sunan gida biyu, wasu suka fito. Bayan kusan minti ashirin dattijon ya naɗe katinsa ya yi sallama. Kwana uku da yin haka muka ci karo da waƙar a cikin wata folda mai suna `New folder (3)`, sunanta `Track 07.mp3`.

Rumbun shagon nan ya haura fayil 40,000, an tara su cikin shekaru daga Xender da WhatsApp da shafukan intanet da filashin abokan sana'a. Duk wanda ya daɗe yana tara waƙa, mai shago ne, dije ne, ma'aikacin gidan rediyo ne ko mai sha'awa kawai, ya san wannan ciwo. Mun gyara rumbun tare da maraice-maraice, kuma darasin da na ɗauka shi ne aikin yana da jeri. In aka bi jerin, waƙa takan fito cikin daƙiƙa kaɗan. In aka saɓa shi, ana iya goge abin da ba za a sake samu ba.

Suna biyu ke ga kowace waƙa

Kowane fayil na waƙa yana da suna a waje da kuma bayani a ciki. Na waje shi ne sunan fayil da ake gani a folda, kamar rubutun da ɗan kasuwa yake yi a jikin buhu. Kowa na iya sauya shi, kuma manhajojin tura kaya sukan sauya shi da kansu: WhatsApp yakan mayar da shi wani abu irin `AUD-20200612-WA0007`, wasu kuma su liƙa masa `(1)` in sun tarar da mai suna irinsa. Na ciki shi ake kira tag. Wani ɗan gurbi ne a jikin fayil da ake rubuta sunan waƙa, mawaƙi, albam, shekara da hoton bango. Duk inda fayil ya je da tag ɗinsa yake tafiya, kuma shi manhajar sauraren waƙa a waya da rediyon mota suke karantawa su jera maka mawaƙa. Shi ya sa za ka ga fayil yana da suna mai kyau a folda, amma waya ta nuna `Unknown artist`, ko ta nuna adireshin shafin da aka sauko da waƙar a gurbin mawaƙi.

Tag na fayil ɗin MP3 sunansa ID3. Na farko, wanda ya fito a 1996, harafi 30 kacal yake ɗauka a gurbin sunan waƙa, 30 a na mawaƙi, abin da ya wuce haka sai ya guntule. ID3v2 da ya biyo baya ya cire wannan iyaka. Wanda ya fi dacewa da mu shi ne ID3v2.3 da tsarin haruffa na UTF-16, saboda dalili biyu: kusan kowace na'ura tana karanta shi, kuma yana riƙe ƙ da ɗ da ɓ, da ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa. Tsohon tsarin haruffa na ISO-8859-1 ba shi da waɗannan haruffa. In aka adana da shi, sai ƙugiya ta koma alamar tambaya ko ta ɓace, kuma ba ta dawowa sai an sake rubutawa da hannu.

Kafin a taɓa komai

Mataki na farko ba ya buƙatar wata manhaja: a kwafe rumbun gaba ɗaya zuwa wani had-dis na daban, a cire shi daga kwamfuta a ajiye a durowa. Manhajojin da za a yi aiki da su suna sauya dubban fayil da dannawa ɗaya, kuskurensu ma haka yake yaɗuwa. In had-dis bai samu ba, a dakata da aikin har ya samu. Sannan a buɗe folda uku: `Sababbi` don duk abin da ba a gyara ba, `Wakoki` don wanda aka gama, da `Jira` don wanda ake zargin maimai ne. Ƙa'idarmu ita ce ba a goge komai kai-tsaye. Duk wanda aka cire sai ya yi wata guda a `Jira`, in ba a neme shi ba sannan a rabu da shi.

Maimai iri uku ne

Kalmar maimai tana rufe abubuwa uku mabambanta, kuma kowanne da maganinsa. Akwai tagwaye na haƙiƙa, wato fayil ɗaya da aka kwafa sau biyu, ko da sunansu na waje ya bambanta. Akwai ɗauka ɗaya a riga daban-daban: waƙar da aka ɗauka sau ɗaya a sitidiyo, amma wani fayil mai nauyi ne, wani an matse shi, wani an liƙa masa talla a gaba. Sai na uku, wanda ba maimai ba ne sam: suna ɗaya, ɗauka daban. Manhaja tana iya yanke hukunci a kan na farko ita kaɗai. A kan na biyu shawara kawai take bayarwa. Na uku kuwa sai kunne.

Tagwaye na haƙiƙa su ake fara cirewa. Kwamfuta tana karanta abin da ke cikin fayil daga farko zuwa ƙarshe ta fitar da wata doguwar lamba mai kama da hatimi. In hatimin fayil biyu ya zo ɗaya, to abu ɗaya ne, babu tantama. Manhajar dupeGuru, wadda kyauta ce, tana yin wannan: a zaɓi `Scan Type` ya zama `Contents`, a nuna mata foldar, a bar ta ta yi aikinta, sannan a yi amfani da `Move Marked to...` a tura rarar zuwa `Jira`. Dalilin fara wannan kafin gyaran tag shi ne, sauya ko da harafi ɗaya a cikin tag yana sauya hatimin. In ka gyara ɗaya ka bar ɗan'uwansa, sun daina zama tagwaye a idon kwamfuta. Ban da haka, babu amfanin ɓata lokaci wajen gyara sunan fayil da za a cire. A shagon ƙanina wannan mataki kaɗai ya kwashe kusan kashi ɗaya cikin biyar na rumbun, ba tare da mun saurari ko da waƙa ɗaya ba.

Takarda ɗaya ta ƙa'idoji

Kafin a fara rubuta tag, a zauna da biro da takarda a yanke yadda za a rubuta sunan kowane mawaƙi, a liƙa takardar a bango. A rumbun da muka gyara, Shata ya zo da siga biyar: Shata, Mamman Shata, Alhaji Mamman Shata, Dr Mamman Shata Katsina, da kuma wanda aka rubuta da manyan baƙaƙe zalla. A wurin waya waɗannan mutane biyar ne. Mun tsaya a kan Mamman Shata, muka ajiye laƙabin girmamawa irin su Alhaji, Hajiya da Dakta, ba don raini ba, sai don kada rabin mawaƙa su taru a ƙarƙashin harafin A. Haka muka yi da Musa Ɗanƙwairo, Ɗan Maraya Jos, Barmani Choge da Haruna Uji. Aminu Ladan Abubakar muka rubuta shi Aminu Ala, tun da shi ne sunan da mai saye yake faɗa. Ma'aunin ke nan: sunan da ake nema da shi, siga ɗaya tak.

Waƙoƙin fim suna da tasu matsalar. Da yake 'yan wasa ne ake gani suna rawa suna motsa baki, masu turawa sukan rubuta sunan jarumin fim a gurbin mawaƙi. Abin da muka yi shi ne, gurbin `Artist` na wanda ya rera ne, mace ko namiji, in su biyu ne a sa duka biyun. Sunan fim ya tafi `Album`. Sunan jaruman kuma a sa shi a `Comment`, domin mai saye da yawa cewa yake “waƙar da wane ya hau a fim kaza.” Akwai kuma gurbin `Album Artist` da mutane ke tsallakewa, alhali shi ke riƙe albam wuri ɗaya. In fim yana da waƙa biyar na mawaƙa uku aka bar gurbin nan fanko, manhajoji da yawa sukan tsinka albam ɗin gida uku. Mun rubuta Waƙoƙin Fim a gurbin ga dukkan irin waɗannan. Waƙar da ta fita ita kaɗai ba albam, muka ba ta albam mai suna Ɗaiɗaiku, don kada a bar gurbin fanko.

Gurbin `Genre`, wato nau'in waƙa, kada a bar shi da abin da ya zo da shi, domin waƙar kalangu takan zo da `Blues` ko `Other`. A ƙirƙiri rukuni kaɗan da suka dace da yadda ake tambaya a shago: Gargajiya, Fada, Nanaye, Bege, Siyasa, Biki, Hip-hop, Indiya, Larabci. In rukunan sun haura goma sha biyu, mai aikin kansa zai fara ruɗewa. Shekara kuwa, in ba a tabbatar ba a bar ta fanko. Gurbi fanko yana jiran gyara, amma shekarar ƙarya takan bi fayil daga waya zuwa waya har a ɗauka gaskiya ce.

Aiki da Mp3tag

Manhajar da muka yi aikin da ita ita ce Mp3tag, kyauta ce a Windows, kuma ban da MP3 tana gyara M4A da FLAC da Opus. Da farko a shiga `Options`, sai `Tags`, sai `Mpeg`, a tabbatar an zaɓi `ID3v2.3 UTF-16` a wajen rubutawa. Sannan a jawo folda a jefa cikinta, fayilolin za su jeru kamar rajistar makaranta. A danna `F3` a buɗe matata a ƙasa, a rubuta:

```
artist HAS shata
```

Duk sigogin sunan za su fito. A duba jerin da ido tukuna, domin waƙar wani da ya yi wa Shata ta'aziyya ko ɗansa na iya shigowa. A zaɓi na gaskiya, a rubuta Mamman Shata a akwatin `Artist` na gefen hagu, a danna `Ctrl+S`. Ɗaruruwan fayil sun gyaru ke nan. A nan ne kuma kuskure mafi yawa yake faruwa. In an zaɓi fayil da yawa, akwatunan da bayanansu suka bambanta suna nuna `< keep >`, ma'ana a bar wa kowa nasa. In hannu ya kuskure ya rubuta wani abu a akwatin `Title`, duk waƙoƙin za su koma suna ɗaya. Ya faru da mu sau ɗaya da waƙa sama da ɗari biyu. `Ctrl+Z` ya cece mu domin ba mu rufe manhajar ba. Da mun rufe, sai dai mu koma ga had-dis ɗin durowa.

Fayiloli da yawa tag ɗinsu fanko ne amma sunan waje yana ɗauke da bayani. Ba sai an sake bugawa ba. A menu na `Convert` akwai `Filename - Tag`, inda ake faɗa wa manhaja yadda sunan ya kasu. In sunayen suna da siga irin mawaƙi, layi, waƙa, layi, sunan shafi, sai a rubuta:

```
%artist% - %title% - %dummy%
```

Kashi na farko zai shiga gurbin mawaƙi, na biyu gurbin waƙa, `%dummy%` kuma yana nufin a zubar da na ukun. Manhajar tana nuna samfurin sakamako kafin a amince, a karanta shi. Kuma a yi aikin rukuni-rukuni, domin kowane shafi da yadda yake jera suna, wani waƙa yake farawa da ita kafin mawaƙi.

Za a ji ana cewa akwai manhajar da take sauraren waƙa ta cike komai da kanta. Gaskiya ne, ita ce MusicBrainz Picard. Tana ɗaukar abin da za a kira zanen yatsan sauti, ta tambayi rumbun AcoustID a intanet, in an san waƙar sai ta kawo suna da albam da shekara. A kan waƙoƙin Indiya da na Turai da fitattun mawaƙan Legas ta rage mana aiki sosai. A kan na Hausa kuwa, musamman na gargajiya da aka kwaso daga kaset, yawanci hannu rabbana take dawowa, domin rumbun abin da masu sa kai suka shigar kawai ya sani. Wani lokaci kuma takan kawo sunan da wani ya shigar bisa kuskure. Don haka kada a danna `Save` a kan abin da ido bai duba ba. Waƙoƙinmu, mu ne za mu rubuta musu suna.

Fayil bakwai, waƙa ɗaya

Bayan tag ya daidaita sai a koma dupeGuru, a sa ta a `Music`, `Scan Type` ya zama `Tags`, a ce ta gwada mawaƙi da sunan waƙa. Yanzu za ta haɗa iri na biyu wuri ɗaya. Ga yadda muka yi da Jaruma ta Hamisu Breaker, wadda ta yi tashe a 2020. Bayan cire tagwaye, fayil bakwai suka rage da sunanta.

Abu biyu ake fara dubawa: tsawon lokaci da bitret, wato yawan bayanin da aka ware wa kowace daƙiƙa ta sauti, ana rubuta shi da `kbps`. Lissafinsa mai sauƙi ne. A 128, minti ɗaya yana cin kusan mega 1. A 320 yana cin mega 2.4. Ke nan waƙar minti biyar takan kai mega 4.8 a na farko, mega 12 a na biyu. Cikin bakwai ɗin, biyu suna kan 64, da ka saurara da abin kunne za ka ji kiɗan kamar daga cikin randa yake fitowa, suka tafi `Jira`. Na uku ya fi sauran tsawo da daƙiƙa goma sha biyu, muka saurari farkonsa, ashe muryar tallar wani shafi ce aka liƙa, shi ma ya tafi. Na huɗu ya gaza sauran da fiye da minti ɗaya, turawa ce ta katse a hanya. Na biyar tsawonsa daidai, amma da muka kunna babu murya, kiɗa ne zalla. Wannan ba maimai ba ne, masu biki suna nemansa, sai muka ƙara “kiɗa zalla” a bayan sunansa muka ajiye.

Saura biyu: ɗaya 320, ɗaya 192. Ƙanina ya ce, “Yaya, ai wannan a fili yake, babban za mu ɗauka.” Na ce mu duba tukuna. Matse sauti zuwa MP3 zubar da wani ɓangarensa ne, kuma abin da aka zubar ba ya dawowa. In wani ya ɗauki fayil mai 128 ya sake juya shi zuwa 320, nauyi kawai ya ƙaru, kamar a juye mudu ɗaya na gero a babban buhu. Hasali ma kowace juyawa tana ƙara rage inganci. Wata ƙaramar manhaja mai suna Spek tana zana hoton sautin, ƙananan muryoyi a ƙasa, sirara masu kaifi a sama. Fayil da aka taɓa matsewa a 128 yawanci zanensa yana yankewa ƙat a wajen 16 kHz, kamar an sa reza, na 320 na gaskiya kuma yakan kai wajen 20. Namu mai 320 a 16 ya tsaya, mai 192 ya haura shi. Muka ajiye ƙaramin. Sai dai wannan gwaji na waƙoƙin sitidiyon zamani ne. Tsohon kaset da ma can ba shi da sautin sama sosai, don haka a kansa kunne ne alƙali.

Akwai sauran ɓoyayyu, irin `Track 07.mp3` na dattijon nan, waɗanda ba su da suna ciki da waje. Manhajar Czkawka, ita ma kyauta, tana da sashen `Music Duplicates` da ke iya gwada sautin kansa a cikin kwamfuta ba tare da intanet ba. Takan ɗauki lokaci a babban rumbu, gara a bar ta ta kwana tana yi. Amfaninta biyu ne: tana kamo maimai marar suna, kuma in ta haɗa marar suna da mai suna, ka san ko wace waƙa ce. Waɗanda suka rage bayan haka sai saurare, ashirin ko talatin kowace rana, in ta kama a tambayi manya.

Inda ba a yarda da manhaja ba

A wajen mawaƙan gargajiya ne ake tafka asara. Mawaƙin zamani yakan shiga sitidiyo ya ɗauki waƙa sau ɗaya. Su Shata kuwa waƙa ɗaya sukan yi ta a gidan rediyo, su yi ta a fada, su yi ta a wajen biki, kowane karo da sababbin baitoci da sunayen mutanen da ke wurin. Bakandamiya da ka ji a wannan kaset ba lallai ita ce ta wancan ba. In dupeGuru ta ga mawaƙi ɗaya da suna ɗaya, za ta jera su a matsayin maimai, in ka bi ta ka ajiye mai babban bitret kaɗai, ka goge ɗaukar da wataƙila ba kowa ke da ita ba. Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya Jos a 2015. Ba za a sake ɗaukar wata ba.

Ƙa'idar da muka bi ita ce, in tsawon fayil biyu ya bambanta da fiye da daƙiƙa biyar, ba a cire ko ɗaya sai an saurari farko da tsakiya da ƙarshe. A waƙar gargajiya kuwa ko tsawon ya zo ɗaya sai an saurara, domin kaset yakan yi gudu ko ya ja, ɗauka ɗaya ta fito da tsawo biyu, ɗauka biyu kuma su yi kusan daidai. In aka tabbatar ɗauka daban ce, a bambanta su a sunan waƙar da abin da aka sani tabbas, kamar ɗaukar rediyo ko ɗaukar biki, in ba a san komai ba a ce ɗauka ta 1 da ta 2. A `Comment` kuma a rubuta daga inda aka samo ta.

A bar tag ya gina folda

Sai a ƙarshe ake taɓa sunan waje, kuma ba da hannu ba. A Mp3tag a zaɓi `Convert`, sai `Tag - Filename`, a rubuta:

```
D:\Wakoki\%albumartist%\%album%\%artist% - %title%
```

Manhajar za ta buɗe foldar kowane mawaƙi, ta buɗe ta albam a ciki, ta kai kowane fayil mazauninsa da suna mai tsari. Hawa biyu ya isa. Folda cikin folda har hawa shida tana wahalar da mai nema, kuma manhajoji da yawa a Windows sukan gaza in cikakken adireshin fayil ya haura harafi 260.

Saura maganar ƙugiya. A wurin kwamfuta ƙ da k haruffa biyu ne da ba su haɗa dangi ba, don haka a yawancin manhajoji wanda ya buga “waka” ba zai ga “waƙa” ba. Wannan ne ya fara ɓatar da ƙanina ranar da dattijon ya zo. Ƙananan wayoyi da tsofaffin rediyon mota kuma sukan nuna ɗan akwati a madadin harafin. Mafitar da muka samu ita ce a raba aiki: tag ya riƙe rubutun Hausa daidai da ƙugiyarsa, sunan fayil kuma ya zama ba ƙugiya don sauƙin nema. Ana yin haka ta sa wannan a madadin `%title%`, a kuma yi irinsa ga sauran gurabun:

```
$replace(%title%,ƙ,k,ɗ,d,ɓ,b,Ƙ,K,Ɗ,D,Ɓ,B)
```

Abu ɗaya da za a sani: sauya mazaunin fayil yana karya tsofaffin jerin waƙoƙi da aka haɗa, domin jerin adireshi yake riƙewa, ba waƙar ba. Dije ya shirya sake haɗa nasa bayan an gama. Kuma daga yanzu in ana son tarin waƙoƙin biki ko na tafiya, jeri za a haɗa a manhajar saurare, kada a kwafi fayil zuwa sabuwar folda, domin ta nan maimai yake sake tsirowa.

Kada a koma gidan jiya

Rumbun da aka gyara ba ya zama a gyare sai da ƙofa ɗaya. Duk abin da ya shigo, daga waya ne ko filashin aboki, `Sababbi` zai sauka. Rana ɗaya a mako a zauna a gwada shi da rumbun. A dupeGuru a sa foldar `Wakoki` a matsayin `Reference`, wanda ke hana manhajar taɓa komai a cikinta, sai dai ta nuna sababbin da aka riga aka mallaka. Wanda ya tsira a rubuta masa tag, a tura shi mazauninsa. A shagon ƙanina aikin nan bai fi minti talatin ba ranar Juma'a da safe. Bayan an gama babban gyara a sake kwafe rumbun zuwa had-dis na biyu, a riƙa sabunta shi duk wata, kuma kada ya kwana a shago ɗaya da kwamfutar.

Babban aikin ya ci mana mako shida, awa ɗaya ko biyu kowane maraice. Fayil sama da 40,000 suka dawo ƙasa da 26,000, kuma babu waƙar da aka nema aka ce ta salwanta. Mai karatu, in kana da irin wannan rumbu, fara da mawaƙi ɗaya a daren yau bayan ka yi kwafi, ka bi matakan a jere har ƙarshe kafin ka taɓa na biyu. In kuma ka ci karo da tsohuwar ɗauka da ba ka san ta ba, kada ka goge ta. Kai ta wurin dattijon da ya san waƙar, ka rubuta sunanta da na mai ita daidai a cikin fayil, domin duk wanda ka tura wa ya karɓe ta da sunanta.